Yadda Muka Raba Ɗawainiyar Jinyar Umma Tsakaninmu Mu Biyar

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san ba ciwon kaɗai ke gajiyar da iyali ba. Akwai kuɗin da ke fita kullum ba a san ta inda ya bi ba, akwai daren da ba a runtsawa, sannan akwai maganar da ke cin kowa a rai amma babu mai son ya fara furta ta: wa zai biya me, wa zai zauna yaushe. Mu biyar ne a wurin Umma. Yaya Babba, sai Yaya Ƙarami da aiki ya kai shi nesa, sai Anti wadda ke zaune gida ɗaya da Umma, sai ni, sai Auta da ba ta daɗe da kama aiki ba. Ni aka ɗora wa rubuta saƙon da ya raba mana nauyin, kuma na rubuta wannan ne don wanda ke riƙe da waya yanzu yana tunanin abin da zai ce wa 'yan'uwansa. Saƙon da ake turawa guruf shi ne mataki na ƙarshe. Abin da ke sa ya karɓu, kafin a rubuta shi ake yin sa.

Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan shekaru tana fama da hawan jini. Ɓarin dama ne ya taɓu, hannu da ƙafa, maganarta ma ta yi nauyi. Lokacin da take kwance a asibiti babu wanda ya yi lissafi, duk wanda aka miƙo wa takarda sai ya je ya biya, kuma haka ya kamata. Bayan sallama ne Yaya Babba ya rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa kowa ya riƙa turo abin da Allah ya hore masa, kuma duk mai sarari ya riƙa leƙowa. Kowa ya amsa da amin da fatan alheri. A watan farko kuɗi ya shigo har da rara. A wata na biyu ya ragu. A na uku sai da Anti ta ci bashi ta sayi magani, ba ta kuma gaya wa kowa ba, ni ma a kan rasit na gani. Babu wanda ya yi haka da gangan. Saƙon bai ambaci adadi ba, bai ambaci rana ba, bai ambaci suna ba, don haka kowa ya ɗauka wani ya cike giɓin. Masu leƙowa kuma suna zuwa da yamma, su samu Umma an yi mata wanka an zaunar da ita tsaf, su yi hira su tafi. Ba su ga abin da aka yi tun asuba kafin ta kai ga wannan zaman ba.

Wuri na farko da na nufa shi ne asibiti, ranar da aka sa mana mu koma ganin likita. Na tafi da littafi da biro da takardar sallama da duk kwalayen magungunan da take sha. Mun daɗe a layi, Umma tana kan keke tana gyangyaɗi, har na fara tunanin ko likitan zai ba ni lokacin tambayoyina. Da muka shiga na ce masa, Likita, ina so in san abin da jinyar nan za ta buƙata daga nan zuwa wata shida, don mu raba a tsakaninmu. Ya ajiye biro ya yi mini bayani dalla-dalla. Maganin hawan jini da na hana jini daskarewa ba a yanke su ko da ta ji sauƙi, domin yankewar na iya jawo ciwon ya sake dawowa. Gashi kuwa, wato atisayen da ake yi wa gaɓoɓi, a watanni uku zuwa shida na farko ya fi yin tasiri, saboda haka ba lokacin tsimi ba ne. Nas ɗin da ke wurin ta ƙara da cewa tunda ba ta iya juya kanta a gado, dole a riƙa juya ta duk bayan awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Ta nuna mini wuraren da za a riƙa dubawa: ƙasan baya, kwatangwalo da duddugen ƙafa. In fata ta canza launi a wurin, aka danna da yatsa ba ta washe ba, to gyambo ya fara ke nan. Ta ce a zaunar da ita sosai in za a ba ta abinci, a bar ta a zaune kamar minti 30 bayan ta gama, in kuma tana yawan tari ko ƙwarewa wajen haɗiya a dawo da ita.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Juyi duk awa 2 yana nufin wanda ke kwana da ita ba ya samun barcin da ya wuce awa 2 a jere. Anti ke yin wannan ita kaɗai tun ranar sallama, sannan gari ya waye ta ɗora da wanka da ciyarwa da wanki.

Daga ofishin likita na wuce sashen gashi, na tambayi sau nawa za a riƙa kawo ta a mako da abin da ake biya a kowane zuwa. Sai kemis, inda na sa aka rubuta mini farashin kowane magani na wata guda cif, tare da famfas ɗin manya da safar hannu da man shafawa. Na kuma tambayi masu aikin kula da marasa lafiya a gida abin da suke karɓa in za su kwana. Bayan haka na roƙi Anti ta ajiye kowane rasit a cikin wata leda har tsawon wata guda, abin da ba shi da rasit kamar kuɗin mota ta rubuta a littafi. Jiran watan nan ya yi mini tsawo, domin ina ganin yadda take ramewa, amma ba na son in je gaban yayyena da ƙiyasi. Ƙiyasi ana musunsa, rasit kuwa sai dai a duba.

Ba zan kawo adadin kuɗin a nan ba, tunda na kowane gida daban ne. Zan ɗauki abin da ake kashewa a wata a matsayin kaso 100. Magani ya ci 30. Gashi da ganin likita da kuɗin mota sun ci 25. Famfas da sauran kayan tsafta 15. Mai kwana da ita dare biyar a mako, wadda a lokacin ba mu ɗauka ba tukuna amma na sa ta a lissafi, 20. Sai na ware 10 na ajiyar ko-ta-kwana, saboda jinyar tsoho ba ta rasa ranar da za a kwashe shi cikin dare. Kayan da ake saya sau ɗaya, irin su keke da kujerar bayan gida da katifa mai hana gyambo, na fitar da su gefe, don in an cusa su cikin na wata-wata lissafin yakan rikice.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce mu biyar ne, kowa ya kawo 20. Da yawa haka suke yi, suna ganin shi ne adalci. A ganina zalunci ne, ko da ba a yi niyyarsa ba, domin zai sa wadda ta bar sana'arta ta zauna jinya ta biya daidai da wanda aikinsa tura kuɗi ne kawai. Don haka na yi wa lokaci lissafi kamar yadda na yi wa kuɗi. Mako guda awa 168 ne, kuma babu awa ɗaya a ciki da za a bar Umma ita kaɗai. Mai kwana za ta ɗauki dare biyar, awa 10 kowane dare, awa 50 ke nan. Yinin Litinin zuwa Juma'a, awa 14 kullum, ya kama awa 70, wannan na Anti ne. Saura Asabar da Lahadi, dare da rana, awa 48. Tunda awa 50 a mako na mai kwana sun tsaya mana a kaso 20, to kowace awa biyu da rabi a mako tana daidai da kaso 1. Da wannan ma'aunin, awa 70 na Anti sun kai kaso 28, awa 48 na ƙarshen mako kuma sun kusa 20. Ashe nauyin da ke kanmu ya kusa 150, ba 100 ba, kuma in an raba biyar kowa zai ɗauki kusan 30. Anti ta riga ta biya nata da jikinta tun kafin a tambaye ta ko sisi.

Na san wani zai ce yaya za a yi wa hidimar uwa farashi. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Amma ba don a biya Anti na yi lissafin ba, ladanta yana wurin Allah, babu mai iya biyan ta. Na yi ne don aikinta ya fito a takarda inda kowa zai gan shi, domin abin da ba a rubuta ba shi ne ake mantawa ranar da rai ya ɓaci.

Kafin in kira kowa, sai da na zauna da Umma. Maganarta ta yi nauyi amma hankalinta garau yake, kuma rayuwarta ce za a tsara. Na ce, Umma, muna so mu ɗauko wadda za ta riƙa kwana da ke don Anti ta samu barci. Ta yi shiru, ta daɗe tana murza gefen zaninta da hannun hagu, sannan ta ce ba ta son baƙuwa ta yi mata wanka. Na ce to wanka da canza kaya namu ne, mu 'ya'yanki mata, ita juyi da ba da ruwa da tsaro kawai za ta yi, sai in lalura ta taso cikin dare. Ta amince. Ta kuma ce kada a ɗauke ta daga ɗakinta a riƙa yawo da ita gida-gida, wata nan wata can. Dama wannan shawarar ta taɓa fitowa daga bakin ɗaya daga cikinmu, kuma da na rubuta ta a saƙo ba tare da na ji ta bakinta ba, da mun gina tsari a kan abin da zai karya mata zuciya. Ɗan kuɗin da ke shigo mata kuwa ta so a sa a cikin jinyar, muka ce ta bar shi a hannunta, ta yi kyautarta da sadakarta yadda ta saba.

Sai kiran waya, ɗaya bayan ɗaya. Da Anti na fara, na karanta mata lissafin awoyin. Ba ta ce komai ba na ɗan lokaci, sai na ji tana jan hanci. Ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba. Abin da ta roƙa guda ɗaya ne, a ba ta Asabar da Lahadi ta zama ba ita ce mai amsa kira ba, ko da tana cikin gidan. Yaya Babba na same shi har gida, don ba maganar waya ba ce tsakanina da shi. Na ce, Yaya, ga abin da na tattara, ka duba ka gyara, in ka amince da sunanka za a fitar. Ya bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi abin da Auta ke samu, sannan ya ce shi zai ɗauki 40 don a rage mata. Auta ta ce za ta iya 10 tare da ƙarshen mako biyu a wata. Ni na ɗauki 20 da sauran ƙarshen makon. Wanda ya fi wuya shi ne Yaya Ƙarami. Yana nesa, yana jin ana ganin kamar ya gudu ya bar mu, don haka da na fara magana sai ya hau lissafa abin da ya turo a baya. Na bar shi ya gama, na ce duk yana rubuce, kuma babu mai musu. Na tambaye shi nawa zai iya a kowane wata ba tare da ya takura iyalinsa ba, ko a watan da abubuwa suka cushe. Ya ce 30. Na ce to 30 ɗin za a rubuta. Tambayar nan ita ce ta fi amfani a duk kiran da na yi, domin alkawarin da mutum ya ɗauka don kunya ba ya wuce wata biyu.

In aka haɗa kuɗi da lokaci, Yaya Babba yana da 40, Yaya Ƙarami 30, Anti 28, ni 30, Auta 20. Bai zo daidai wa daida ba, amma kowa ya san dalilin bambancin, kuma kowa da bakinsa ya faɗi nasa.

Sai a lokacin na zauna rubuta saƙon. Na rubuta shi a wani wuri daban, na bar shi ya kwana, da safe na cire duk jimlar da ke da ƙanshin gori. Akwai inda na rubuta cewa Anti ta daɗe tana wahala ita kaɗai. Gaskiya ne, amma wanda ya karanta zai ji da shi ake, sai na mayar da ita lissafin awa kawai. Na tura wa Yaya Babba ya duba, ya ce in fitar. Ga shi kamar yadda ya fita, sai dai inda na sa kaso a nan, a can adadin kuɗin ne ƙarara:

"Assalamu alaikum. Yaya Babba ne ya ce in rubuta mana abin da muka tattauna da kowa, don ya zama a wuri ɗaya. Na kuma zauna da Umma, ta amince da tsarin. Likita ya ce ba za a yanke magani ba, za a ci gaba da gashi, kuma a riƙa juya ta duk awa 2. Abin da ake kashewa a wata: magani 30, gashi da asibiti da mota 25, kayan tsafta 15, mai kwana 20, ajiyar ko-ta-kwana 10. Hoton rasit na biye. Rabon kuɗi: Yaya Babba 40, Yaya Ƙarami 30, ni 20, Auta 10. Anti ba za ta sa kuɗi ba, domin tana riƙe da yinin Litinin zuwa Juma'a, awa 70 a mako. Asabar da Lahadi ni da Auta za mu riƙa karɓa-karɓa, ni zan fara wannan makon. Yaya Babba zai riƙa kai Umma ganin likita. Yaya Ƙarami zai riƙa kiran Umma ta bidiyo duk Juma'a, kuma shi zai riƙa duba lissafin wata. Keke da katifa Yaya Babba da Yaya Ƙarami za su raba biyu. Kuɗi zai shiga asusun jinya kafin 5 ga kowane wata. Wanda ya ga ba zai samu ba ya gaya mini kafin ranar, ni kaɗai, ba sai a guruf ba. Wadda ba za ta samu zuwa ranarta ba ita za ta nemi mai canjinta. In an ga bakin Umma ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice fiye da da, a wuce asibiti nan take, a kira mu daga hanya. Za mu sake zama bayan wata uku mu duba tsarin. Don Allah kowa ya amsa da 'na amince' ko ya faɗi gyaransa kafin daren Lahadi. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa mu gama da ita lafiya."

Da safe na tura shi, ranar da babu aiki, don kada wani ya karanta shi a gajiye cikin dare. A rubuce na tura, ban yi saƙon murya ba, saboda murya ba a komawa a nemo adadi a cikinta cikin sauƙi. Na maƙala shi a saman guruf ɗin. A WhatsApp maƙalawar ba ta wuce kwana 30, don haka duk farkon wata nake sabunta ta, wannan ma ya zama tunatarwa ba tare da na ce wa kowa komai ba. Auta ta amsa nan take, Yaya Babba ya biyo baya. Yaya Ƙarami ya karanta, alamar ta nuna, amma bai ce uffan ba har washegari. Zuciyata ta yi ta kai-kawo, na ɗauki waya na ajiye ban san sau nawa ba, amma na hana kaina sake rubutu. Da ya amsa, gyara ɗaya ya kawo: albashinsa ba ya shigowa kafin 5 ga wata, a mayar masa 10 ga wata. Aka mayar. Anti ba ta rubuta komai ba sai addu'a.

Ranar aiki ta farko bayan nan ni da Yaya Babba muka je banki buɗe asusun haɗin gwiwa. An nemi katin shaida na kowannenmu da hotuna da shaidar adireshi, muka cike fom. Ma'aikaciyar ta tambaye mu ko sai mu biyu mun sa hannu za a cire kuɗi ko ɗaya ya isa. Muka zaɓi ɗaya ya isa, saboda in an kwashi mara lafiya cikin dare ba a jiran sa hannu na biyu, amma muka sa alat ya riƙa zuwa wa mu duka biyun. Asusun bai fara aiki a ranar ba, sai da muka jira, don haka kuɗin watan farko ta hannuna ya bi, na kuma tura hoton kowane shige da fice a guruf. Ina ba da shawarar asusu na daban ko da 'yan'uwa sun yarda da juna ɗari bisa ɗari. In kuɗin jinya ya gauraya da na cefanen mutum, shi kansa ba zai iya cewa ga inda aka kwana ba, kuma daga nan zargi ke samun ƙofa.

Tsarin bai tafi sumul ba. A wata na biyu mai kwana ta bar aiki ba sanarwa, kuma saƙonmu bai faɗi abin da za a yi in haka ta faru ba. Kafin mu farga dare ya koma kan Anti, tunda ita ce a gidan. Alamar da na gani ita ce ta daina turo bayanin safe da ta saba turowa, in an kira ta kuma amsarta gajera ce. Da na je na tarar ta yi barci a zaune, kofin maganin Umma a hannunta. A daren muka raba kwanan tsakanina da Auta har aka samu wata, kuma kason mai kwana na waɗannan kwanakin muka ba Anti. Ta ƙi karɓa, sai da Yaya Babba ya ce umarni ne. Daga baya farashin magani ya tashi, muka fara taɓa ajiyar ko-ta-kwana don cike giɓi. Wannan ma alama ce da ya kamata a lura da ita: in ana cin ajiya a watan da babu wani abin gaggawa, to lissafin ne ya tsufa, a sake shi.

A zaman wata uku, wanda muka yi ta kiran bidiyo, mun gyara abubuwa uku. Muka sake lissafin kuɗin da sabon farashi, kowa ya ci gaba da kasonsa. Muka rubuta cewa in mai kwana ba ta zo ba, daren na wadda ke da ƙarshen makon ne, ba na Anti ba. Sannan Yaya Ƙarami da kansa ya ce zai riƙa ɗaukar hutunsa ya zo ya zauna mako guda, matarsa ta taimaka da wanka, Anti ta yi tafiyarta ta huta. A lokacin Umma ta fara iya juya kanta ɓari ɗaya, mai gashi ya rage yawan zuwa, abin da ya ragu muka mayar cikin ajiya.

Ga wanda zai rubuta irin wannan saƙon, abin da zan fi jaddadawa shi ne kada kowa ya fara ganin kasonsa a guruf. Mutum in aka yanka masa adadi a gaban ƙannensa, ko dai ya amsa don kunya ya kasa cikawa, ko ya yi gardama don kare girmansa. In kuwa an riga an yi magana da shi, saƙon zai zame masa abin da ya riga ya sani. A kuma bar surukai da jikoki a wajen guruf ɗin rabon, kowa ya je ya yi shawara da iyalinsa a gida ya dawo da amsa. Kada a tono tsohon lissafi, wane ya yi wa wane karatu, wane ya fi cin moriyar gida. In akwai wannan maganar, ranarta daban. Wanda ba shi da kuɗi kuma ba shi da lokaci mai yawa, a ba shi aiki mai suna, ko da karɓo magani ne ko riƙe littafin lissafi, don kada ya ji an cire shi daga cikin 'ya'ya.

In wani ya ƙi amsawa har ranar da aka sa ta wuce, kada a bi shi da magana a guruf. Babba a cikinku ya kira shi su biyu. In ya ce ba zai iya ba, a karɓi maganarsa, a raba kasonsa tsakanin sauran a rubuce, a bar masa ƙofa a buɗe zuwa zama na gaba. Maganin wata mai zuwa ba zai jira a gama rarrashi ba, don haka ranar da aka ji amsarsa a ranar za a fitar da sabon rabon, da adadi da suna da rana kamar na farko.